Bayanin kasafin dokumentari: me ake rubutawa ƙarƙashin kowane layi?

Salamu alaikum. Ina neman tallafin dokumentari mai minti 52 kan tsoffin Hausawan Jidda da Makka. Na cike teburin kuɗi, sai aka ce in haɗa da bayanin kowane layi. Me zan ƙara bayan adadin?

Wa alaikumus salam, Malam. Mai duba takardarka so yake ya sake lissafin da hannunsa ya samu adadinka. Saboda haka kowane layi ya faɗi yawan abin, farashin guda, da inda ya samo asali a jadawalin ɗauka. Farashin da zan kawo misali ne kawai, ka nemo naka a rubuce daga wajen masu aikin.

A ce kwanakin ɗauka 12 ne. Kada ka rubuta "mai sauti, riyal 9,600" ka wuce. Rubuta cewa kwana 12 ne a kan riyal 800, kuma dole ne a ɗauke shi daban da mai kyamara, don dattawa ne masu magana ƙasa-ƙasa a ɗakunan da na'urar sanyi ke ruri. Idan da dala ake cikewa, faɗi canjin da ka yi amfani da shi: riyal 3.75 a dala, wato dala 2,560.

Daga kwana 12 ɗin nan sauran layuka za su fito. Ɗaukar awa biyu a rana ta ba ka awa 24. Kyamarar da ke ɗauka a 400 Mbps tana cin kusan giga 180 a awa, jimilla tera 4.3. Kwafi uku ake ajiyewa, to ga hujjar faifan ajiya uku masu tera 5. In jadawali ya ce kwana 12 amma kuɗin mota na kwana 20 ne ba bayani, nan za a fara zargin sauran lissafinka.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne fassara. Suna lissafa minti 52 na fim ɗin da aka gama, su manta cewa mai tacewa yana buƙatar dukan hirar a rubuce. Tsohuwar da aka haifa a Makka za ta fara jimla da Hausa ta ƙarasa da Larabcin Hijaz, ba kowane tafinta ke iya binta ba, kuma ka faɗi haka ƙarara. A ce hirar awa 15 ce, kowace awa ta ci awa shida wajen kwafewa, awa 90 ke nan, a riyal 40 ya zama 3,600. Rubutun ƙasan allo layi ne daban, da minti ake biyansa, kowane harshe da nasa.

Kwanakin Makka kuwa, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. In mai kyamararka na Jidda haka yake, bayyana dalilin ɗaukar wani.

Harajin kaya na VAT a Saudiyya kashi 15 ne tun 2020, hayar kayan riyal 20,000 za ta zo da ƙarin 3,000, to ka nuna ko yana ciki. Kuɗin ko-ta-kwana, kashi 5 zuwa 10, ka ambaci abin da kake tsoro, kamar dattijo ya kwanta ciwo a sake ranar ɗauka. Naka albashin ma saka shi. Ko ka yafe, rubuta adadinsa a matsayin gudummawarka.