Yadda za ka buɗe wasiƙar ciniki ga wanda ba ka san ko namiji ne ko mace ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da riɗi a kasuwar Dawanau. An ba ni lambar waya da adireshin imel na mai saye wa wani kamfani kaya a Legas, amma abin da ke jikin katin kawai shi ne "A. Musa, Procurement". Ban san ko namiji ne ko mace ba, ban san muƙaminsa ba. Da wace gaisuwa zan fara don kada in yi ɓaranɓarama tun a layin farko?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ka rubuta wa kujerar, ba wanda ke zaune a kanta ba. Sashen da ke sayen kaya ka sani, yana nan a jikin katin, don haka shi za ka gaisar, ka yi magana da "ku" tun daga sama har ƙasa. Harafin A ɗin nan yana iya zama Abubakar, yana iya zama A'isha, Musa kuwa galibi sunan uba ne, ba ya nuna maka komai. In ka yi caca ka rubuta "Malam Musa" ta zamo mace ce, ka kira ta da sunan mahaifinta, kuma ta gane ba ka san wanda kake nema ba.

Idan da Hausa za ka tura saƙon, abin da ke kama mutane shi ne "ka" da "ki". Ba a iya jimla biyu da mutum ba tare da an zaɓi ɗaya ba. "Ku" ce ke fitar da kai, domin tana ɗaukar kamfanin gaba ɗaya, kuma ko mutum ɗaya ne ya karanta zai ji ta a matsayin girmamawa. Ga yadda zan tsara maka shi:

"Zuwa ga Sashen Sayen Kaya. Barkanku da aiki, da fatan kuna lafiya. Ni ɗan kasuwar riɗi ne a Dawanau, Kano. Ina da farin riɗi tan 30, buhu 600 mai kilo 50, an tankaɗe, yana sito. Idan kuna buƙata zan aiko muku da samfur da hotuna, sai ku gaya mini tsabtar da kuke karɓa da inda ake sauke muku kaya. Na gode. Naku,"

Sai sunanka da sunan shagonka da lambar waya. Kafin ka tura, ka sake karantawa kana farautar "maka", "naka" da "kana". Da yawa suna farawa da "ku" lafiya lau, a layi na huɗu hannu ya zame su rubuta "zan aiko maka", shi ke nan an koma gidan jiya.

Gaisuwar layi ɗaya ce da gangan. Mu a kasuwa sai mun tambayi gida da iyali da gajiya kafin a taɓa maganar kaya, kuma hakan daidai ne ga wanda ka sani. Amma ma'aikacin da saƙonni suka yi wa yawa, bai san ka ba, abin da yake nema a layi na biyu shi ne wane kaya, nawa ne, yana ina. Tambayar iyalin wanda ba ka ma san jinsinsa ba takan zo banbaraƙwai.

Sallama fa? "Assalamu alaikum" ba ruwanta da namiji ko mace, kowa ana yi masa ita a haka, shi ya sa ta fi kowace gaisuwa sauƙi in ka tabbata Musulmi kake rubuta wa. Sai dai sunan Musa kaɗai bai isa shaida ba, akwai Kiristoci da yawa masu wannan suna a Arewa, kuma akwatin saƙon kamfani ba lallai mutum ɗaya ke buɗe shi ba. "Barkanku da aiki" ko "Barkanku da warhaka" ba ta ɓata wa kowa.

Inda na fi son ka yi hattara shi ne laƙabi. A bakin kasuwa duk wanda ya zo da kuɗi Alhaji ne ko Hajiya, ba wanda ya damu. A rubuce ba haka ba ne. Kada ka ba mutum Alhaji, Dakta ko Injiniya sai ka ga shi da kansa ya sa. "Ranka ya daɗe" da "ranki ya daɗe" sun koma kan matsalar jinsi, "Yallaɓai" kuma kunne ya fi saba jin ta ga namiji. "Mai girma" ta dace da takardar da za ta je ofishin gwamna ko kwamishina, amma a ce wa mai sayen riɗi haka, ni a ganina ya yi kama da wanda ya zo roƙo, alhali kai kaya ka kawo.

Tunda kamfanin na Legas ne, mai yiwuwa imel ɗin da Turanci za a rubuta. A nan zaɓi uku ne. `Dear Procurement Team,` shi na fi so, don ya yi daidai da gaisar da sashe. `Dear A. Musa,` ma ya yi, wato ka kwafi sunan yadda yake a kati ba ƙari. `Dear Sir/Madam,` ka ajiye shi don takarda mai tsauri, irin ta banki ko ma'aikatar gwamnati, a rufe ta da `Yours faithfully,`. In an ambaci suna a sama, `Yours sincerely,` ake rufewa da shi. Abin da za ka hana yaron da ke buga maka saƙo shi ne `Dear Sir` tsura, domin mata da yawa ne ke riƙe da irin wannan kujera, da kuma `Dear friend` ko `My dear`, waɗanda saƙonnin 'yan damfara suka riga suka ɓata wa suna. Saƙon da ya fara da su, daga adireshin da ba a sani ba, yana maganar tan 30, ana iya share shi ba a kai ga riɗin ba.

Duk wannan na saƙon farko ne kawai. Kira ɗaya zuwa babban layin kamfanin yakan warware zancen: ka ce kana son aika takarda ga sashen saye, wa ke riƙe da shi, kuma yaya ake rubuta sunansu. Ko ka tambayi wanda ya ba ka katin, wataƙila ya taɓa ganin mutumin ido da ido. Hoton da ke kan lambar waya kada ka dogara da shi, wani hoton ɗansa yake sawa, wata na mijinta.

In amsa ta zo, ka duba ƙasan saƙon, yadda aka sa hannu haka za ka kira mutum daga nan gaba. In an rubuta Hajiya A'isha, to Hajiya ce, sai ka koma "ki" ko ka ci gaba da "ku" don girmamawa. A Turanci, mace da ba ta nuna ko tana da aure ba `Ms.` ake sa mata, ba `Mrs.` ba. Wani lokaci cikakken sunan ma ba ya raba gardama: Gambo a wajenmu, Taiwo da Kehinde a wajen Yarabawa, Uche a wajen Ibo, duk maza da mata suna amsa su. Masu sayen riɗi daga Sin kuma sunan dangi suke fara rubutawa, don haka na farkon ba shi ne sunan yanka ba. A irin wannan sai ka kwafi sunan gaba ɗaya yadda aka rubuto, ba laƙabi, ka zauna a kan "ku" har ranar da za ku yi magana ta waya kan farashi da ranar lodi.