Saye uku, farashi uku: nawa buhun ya tsaya?

Tambaya: "Salamu alaikum. Ina da rumfar hatsi a kasuwar Sabon Gari, Zariya. A watan nan na saro masara sau uku: buhu 10 a kan naira 42,000, buhu 30 a kan 38,000, sai buhu 5 a kan 46,000. Na haɗa farashin ukun na raba uku, ya ba ni 42,000. Shi ne kuɗin buhuna?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, ba shi ba ne. Raba ukun da ka yi zai yi daidai ne kawai da a ce kowane zuwa yawan buhunan ɗaya ne. Amma ka ba buhu 5 ƙarfi ɗaya da buhu 30, alhali kashi biyu cikin uku na abin da ke ɗakin ajiyarka na arhar ne.

Kuɗin da ya fita daga aljihunka za ka bi. Buhu 10 sun ci 420,000, buhu 30 sun ci 1,140,000, biyar ɗin kuma 230,000. Jimla 1,790,000. Ka raba da buhu 45, kowanne ya tsaya kusan 39,800. Ka ga da wani zai taya 41,500 ka ce albarka don kana ganin faɗuwa ce, da ka kori ciniki. Kai ma ka yi sa'a na arhar ne ya fi yawa. Wanda ya jido mai tsada da yawa, ya ɗan taɓa na arha, raba ukun nan riba zai riƙa nuna masa, uwar kuɗi kuwa tana zurarewa.

Sai dai 39,800 ɗin ma kuɗin masara ne tun tana Giwa ko Maƙarfi, ba ta iso rumfa ba. Akwai kuɗin mota, da 'yan dako wajen lodi da saukewa, da la'adar dillali. Ba ka faɗi naka ba, to mu ƙaddara zuwan farko ya ci 12,000, na biyu 33,000, na uku 10,000. (Lura da na ukun: buhu 5 kacal, amma kowanne ya ɗauki 2,000. Ƙaramin sari ya fi shan wahalar kuɗin hanya.) Wannan 55,000 ka ɗora a kan jimla ta zama 1,845,000, ka raba da 45, ya ba ka 41,000 cif. Wannan ne kuɗin buhunka. Idan buhun yana ba ka tiya 40, kowace tiya ta tsaya maka 1,025.

Inda na fi ganin mutane suna rikicewa shi ne idan ana saye ana sayarwa a tsakani. Sayarwa ba ta canza kuɗin buhu, sabon sari ne ke canza shi. A ce ka sayar da 25, saura 20. Ashirin ɗin nan har yanzu 41,000 ne kowanne, wato 820,000. Sai ka sake saro buhu 20 da suka iso rumfa a kan 47,000, wato 940,000. Ka haɗa 820,000 da 940,000, ka raba da buhu 40 da ke jibge a gabanka: 44,000. Mai kuskure kuwa sai ya koma shafin farko na littafi, ya haɗa duk sayen tun daga tushe, ya raba da 65, ya sami kusan 42,850. Ya sa masarar da tuni aka tuƙa tuwo da ita a cikin lissafi, kuma kowane buhu ya ɓoye masa sama da naira dubu. Ni a littafina layi uku nake ja: buhu nawa suka rage, nawa suka ci gaba ɗaya, nawa ɗaya ya tsaya. Ranar da mota ta sauke kaya, ranar nake gyara na ukun.

Ka riƙa gwada littafin da ɗakin ajiya. Sabuwar masara ta kaka tana ƙara bushewa, buhu ya saki, ga ɓera da ƙwari. Idan ka yi ciko 45 suka koma 44, to da 44 za ka raba, buhu ya haura zuwa kusan 41,900. Kuma kada ka gama fara da ja, ko tsohuwa da sabuwa, a lissafi ɗaya tunda ba kuɗi ɗaya ake sayensu ba.

Wani abin kuma, 41,000 ɗin nan riba da faɗuwa yake nuna maka, ba shi ke yanka maka farashi ba. Idan yau buhu yana isowa Zariya a 47,000 ka sayar da naka 43,000, littafi zai ce ka ci 2,000 a kowanne. Amma kuɗin buhu 45 ɗin, 1,935,000, idan ka koma kasuwa buhu 41 kawai za su sayo maka.