Kaya sun makara: abin da za ka nema daga mai aiko maka

Tambaya: Ina sayar da fitilun sola a Garwa. Na biya sefa miliyan 3 wajen wani mai aiko da kaya a Guangzhou, ya ce cikin wata biyu za su iso. Yau wata uku ke nan, kullum amsarsa ita ce kaya suna hanya. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah Ya tsare dukiyarka. Ka daina tambayarsa inda kaya suke, domin tambaya ce da ake amsa ta da baki kawai. Ka nemi abin da za ka iya dubawa da idonka. Ka rubuta masa saƙo, ba kiran waya ba, ka nemi hoton takardar lodi wadda ake kira B/L, da sunan jirgin ruwan, da lambar kwantena. Lambar kwantena haruffa 4 ce da alƙaluma 7, kuma idan ka shigar da ita a shafin kamfanin jirgin za ka ga tashar da aka yi lodi, da inda aka sauya jirgi idan an sauya, da ranar da ake sa ran isowa Duwala ko Kribi, wadda ake rubutawa ETA.

A jikin takardar, ka lura da ranar da ke gefen kalmomin "Shipped on board", domin ita ce ranar da kaya suka hau jirgi. Idan ka ga mako uku kacal ke nan da lodi, to kayanka sun yi fiye da wata biyu a sito, kuma mafi yawan lokuta dalili shi ne ana jiran kayan wasu 'yan kasuwa su cika kwantenar haɗaka. A irin wannan kwantena ba lallai ne sunanka ya fito a takardar kamfanin jirgi ba, saboda haka ka nemi takardar da wakilin haɗa kaya ya bayar da sunanka da adadin kwalayenka. Wanda ya yi lodi da gaske yana iya turo waɗannan cikin yini ɗaya ko biyu. Idan ya yi ta kwana-kwana, ni a ganina kayan ba su bar ƙasa ba tukuna.

Sai batun rana. Ranar da jirgi zai iso ba ita ce ranar da kaya za su shiga shagonka ba, domin akwai fito a duwan, sannan tafiya ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ta babbar mota, kafin a ƙaraso Garwa. Ka nemi mai aiko maka ya tabbatar maka da ranar isowa tasha a rubuce, sauran lissafin kuma ka yi shi da mai yi maka fito, ka tura masa takardun tun yanzu don kada kuɗin ajiya ya taru a tasha.

Ka ba mai aiko maka wa'adin kwana 3 cikin ladabi, ka kuma faɗa masa cewa idan babu lambar kwantena a ranar, za ka nemi a mayar maka da kuɗinka. Kafin ka ga kwantenar a shafin kamfanin jirgi, kada ka ƙara tura ko sefa ɗaya, ko da ya ce kuɗin takardu ne.