Kafin ku sayi talabijin, ku duba jadawalin: amsa ga sakataren manoman shinkafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa, muna da rassa biyar a Jihar Kebbi. A taron da ya wuce na nuna lissafin bashin taki da majigi, sai na bayan zaure suka ce ba su ga ko lamba ɗaya ba. Jadawalin yana da layukan tsaye 11, daga Excel na kwaso shi. Shugabanmu ya ce mu sayi talabijin mai inci 65 ko sabon majigi. Wanne ya fi? (Daga Argungu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka roƙi shugaba ya dakata da fitar da kuɗin tukuna, don ba mu ga alamar laifin na majigin ba ne. Bari mu auna abin da ma'auni, ka ga dalili.

Shafin PowerPoint mai faɗi, wanda ake kira 16:9, faɗinsa santimita 33.87 ne, tsayinsa 19.05. In ka bar ɗan fili a gefe da gefe, abin da ya rage maka bai wuce santimita 31 ba. Raba shi gida 11, kowane gida ya tashi da ƙasa da santimita 3. To lamba irin 12,480,000.00 idan aka rubuta ta da girman 24 tana cin fiye da santimita 5 ita kaɗai. Ba yadda za ta shiga sai an matse rubutun ya koma girman 10 ko 11. In muka ɗauka hoton majiginku tsayinsa mita ɗaya da rabi ne, lambar da aka rubuta da girman 10 tsayinta kamar santimita 2 ne a jikin bango, kwatankwacin gaɓar yatsa. Dattijon da ke zaune mita tara daga nan ba zai karanta ta ba ko da tabarau.

Talabijin kuwa ƙara dagula lamarin za ta yi. Mai inci 65 tsayin fuskarta kusan santimita 81 ne kawai, wato da kaɗan ta haura rabin hoton majiginku, don haka waccan lambar za ta koma kamar santimita ɗaya. Hotonta ya fi haske, gaskiya ne, amma haske ba ya ƙara girma. Masu harkar kafa majigi suna da wani kiyasi da suke aiki da shi: in karatu za a yi, kada na ƙarshen zaure ya wuce ninki shida na tsayin hoton. Da wannan lissafin talabijin ɗin ta ɗakin mita biyar ce, majiginku kuwa ya isa mita tara.

Saboda haka gyaran a jadawalin yake, kuma yana farawa ne da tambaya guda: wace magana kake son mutane su fita da ita daga zauren? In maganar ita ce wane reshe ya biya bashi, wane ne ya rage baya, to layuka huɗu sun ishe ka: sunan reshe, abin da ya karɓa, abin da ya biya, da kason da ya biya. Yawan manoma, yawan buhunan taki, ranar karɓa, lambar asusu, duk su koma takarda a buga a raba wa shugabannin rassa. Ba ɓoye su ka yi ba. Takarda mutum na iya kusantar da ita ga idonsa ya bi da yatsa, bango kuwa ba ya matsowa.

Ga misali da lambobin da muka ƙirƙira don bayani kawai, kai sai ka sa naka:

| Reshe | Bashi (miliyan ₦) | An biya (miliyan ₦) | Kason biya |
|---|---:|---:|---:|
| Argungu | 12.5 | 11.4 | 91% |
| Augie | 8.0 | 7.1 | 89% |
| Bunza | 9.6 | 8.2 | 85% |
| Bagudo | 6.4 | 5.0 | 78% |
| Suru | 10.0 | 5.4 | 54% |
| Jimla | 46.5 | 37.1 | 80% |

Lura da abin da ya faru da lambobin. 12,480,000.00 ta zama 12.5, kalmar miliyan da alamar naira suka hau can sama sau ɗaya tak. Babu wanda zai yanke shawara a taro saboda kwabo. Ba sai ka sake buga su da hannu ba, don nan ne kuskure ke shiga. A Excel ka zaɓi lambobin, ka shiga Format Cells, sannan Custom, ka rubuta wannan:

```
#,##0.0,,
```

Waƙafi biyun nan na ƙarshe su ne ke nuna lambar a miliyan, ainihin lissafin kuma yana nan bai taɓu ba. Duk lambobin layin tsaye ɗaya su tsaya da adadi ɗaya bayan ɗigo. Shi ya sa muka rubuta 8.0 da 10.0, ba 8 da 10 ba. Sannan ka jingina su dama da Align Right, kan layin ma ya bi su dama, sunaye kuma su tsaya hagu. Mutane da yawa suna son tsakiya saboda ta fi kyan gani, amma in ka sa 6.4 da 12.5 a tsakiya ɗigonsu ba zai hau kan juna ba, ido kuma ba zai gane babba da ƙarama da kallo ɗaya ba. Abu guda da za ka kiyaye: bayan an taƙaita lambobi, wani lokaci jimlar takan saɓa da 0.1. A kowane taro akwai mai haɗa lissafi da wayarsa, don haka ka haɗa da kanka tun a gida, in ta saɓa ka rubuta a ƙasa cewa an taƙaita lambobin.

Jerin rassan ma da manufa. Mun jera su daga wanda ya fi biya zuwa wanda ya gaza, ba bisa haruffa ba, ba kuma bisa girman shugaban reshe ba. Da haka jerin kansa ya riga ya faɗi rabin maganar.

Rubutun ciki ya zama girman 24, kan jadawali kada ya gaza 20, taken shafi 32. Da wannan girman kowane layin kwance yana son kamar santimita 1.6, don haka shafi yana ɗaukar layuka takwas har da kai. Naku bakwai ne, ya shiga da sarari. Wanda zai nuna ƙananan hukumomi 21 na Kebbi dole ya raba su shafi uku, ko ya nuna biyar na sama da biyar na ƙasa a shafuka biyu. Wajen nau'in rubutu ka tsaya kan Arial ko Calibri, don lambobinsu faɗinsu ɗaya, suna hawa kan juna daidai. Ka guji Georgia da Candara a jadawali: lambobinsu wasu na leƙawa sama, wasu na zurowa ƙasa, daga nesa sai su zama kamar tafiyar tsutsa.

Sai layin da za a haska, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Da zarar ka saka jadawali, PowerPoint da kansa yake shafa wa layuka launi, wannan da duhu wancan da haske. In ka ƙara naka launin a kai, ya ɓace a cikinsu. Ka shiga Table Design ka cire alamar da ke kan Banded Rows, ka mai da cikin jadawalin fari da No Fill, ka bar siririn zare mai ruwan toka tsakanin layukan kwance, na tsaye kuma ka cire su duka. Daga nan ka zaɓi layin kwance ɗaya rak, a misalinmu na Suru, ka ba shi shuɗi mai duhu ta Shading, rubutunsa ya zama fari mai kauri. Rawaya mai haske tana da kyau a fuskar kwamfuta, amma a zauren da rana ke shigowa ta taga majigi yakan wanke ta ta koma fari, ka yi ta cewa "ku dubi layin da na shafa" alhali ba wanda ya ga launin. Ja kuma muna ba da shawarar a bar shi, saboda dalili biyu. Akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore sosai. Sannan shugaban reshen yana zaune a wurin, jan layi a kan sunan garinsa gaban jama'a zai zame masa kamar tozarci, alhali wataƙila ambaliya ce ta cinye musu fadama. Layin jimla ya wadatu da zare mai ɗan kauri a samansa. In shi ma ka shafa masa launi, ido zai rasa inda zai sauka.

Taken shafin ya faɗi abin da layin nan ke nunawa. Maimakon "Rahoton bashin taki", rubuta "Reshen Suru ya biya kashi 54 cikin 100, sauran sun haura 75". Wanda bai iya bin jadawali ba ma ya samu saƙon.

Gwajin ba ya buƙatar zaure. Kwamfutar cinya mai inci 15.6 tsayin fuskarta kusan santimita 19 ne, ninki shida ya kama mita ɗaya da 'yan kai. Ka buɗe shafin ya cika fuskar, ka ja baya mita biyu don ka bar wa masu raunin ido rara, ka kira wani wanda bai san lissafin ba ya karanta maka layin Suru. In ya yi tuntuɓe, ƙara girma ko rage layi. In bayan wannan hoton ya ci gaba da dusashewa a zaure, ku fara da labule mai kauri a tagogin da ke kusa da bango, da farin allo ko farin yadi a miƙe, da wayar HDMI in majigin na da ramin ta. Sai duk wannan ya gaza za a yi zancen sabon majigi, a nan kuma ka nemi mai haske daga 3,500 ANSI lumens zuwa sama, ka duba abin da aka rubuta a gaban native resolution, wato ainihin yawan ɗigon hoton da yake fitarwa, ya kai 1280x800 ko 1920x1080. Ƙananan nan masu araha da ake rubuta wa "supports 1080p" karɓar hoton kawai suke yi su rage shi, ƙananan lambobi kuma su suka fi shan wahala.

Tambaya: Ni ma'ajiya ce a wata makaranta mai zaman kanta. In zan kai jadawali daga Excel zuwa PowerPoint, zaɓi biyar yake fito mini. Wanne zan danna? (Daga Gusau)

Amsa: Malama, ki danna Use Destination Styles. Shi ne ke ba ki jadawalin PowerPoint na gaske, wanda za ki iya ƙara wa girman rubutu ki kuma shafa wa layi ɗaya launi. Rubutun yakan zo ƙanana, don haka ki zaɓi jadawalin duka ki ɗaga shi zuwa 24. Picture hoto ne kawai, in kika ga kuskure a lamba ɗaya sai kin koma Excel kin sake kwasowa. Wanda za ki yi hattara da shi sosai shi ne Embed. A ido layukan da kika zaɓa kaɗai ke bayyana, amma dukan littafin Excel ɗin yake cusawa cikin fayil ɗin. Duk wanda kika tura wa, in ya danna jadawalin sau biyu, zai iya buɗe sauran shafukan, har da na albashin malamai da sunayen iyayen da ake bi kuɗin makaranta in suna ciki. In za ki tura wa iyaye ta WhatsApp bayan taro, ki fitar da shi a PDF ta Save As, ki tura wannan.