Kuɗin ƙofa daban, kuɗin mai fim daban

Tambaya daga Daura: "Jama'a don Allah a warware mini. Na karanta cewa fim ɗin Justice League na 2017 ya tara sama da dala miliyan 650, an kuma ce dala miliyan 300 aka kashe masa, amma wai kamfanin ya tafka asara. Ina sauran kuɗin suka shiga? Ko dai ƙarya suke yi don kauce wa haraji?"

Ɗan'uwa, bari in amsa maka da abin da na gani da idona, domin ni na riƙe wa yayana littafin lissafi lokacin da ya yi fim ɗinsa na farko, kuma tun daga nan Katsina har Kano ba inda ban bi shi ba.

Ka san direban motar haya da ke jigila tsakanin Katsina da Daura. Abin da fasinjoji suka biya a yini ba shi ne ke isa hannun mai mota da dare ba. An sha mai, an biya kamasho a tasha, yaron mota ya karɓi nasa, direba ya cire nasa, sai abin da ya rage a kai balas. Adadin da ake shelantawa cewa fim ya tara, kuɗin fasinja ne. Kuɗin tikiti ne da aka karɓa a ƙofar sinima, tun kafin kowa ya sa hannu ya ɗebi rabonsa.

Ga yadda namu ya kasance, na ɗan daidaita alƙaluman don lissafi ya yi sauƙi. Ɗaukar fim ɗin ya ci naira miliyan 8: sallamar jarumai da ma'aikata, hayar kyamara da fitilu, gidajen da aka yi ɗauka, masauki, abinci, man janareta, da aikin edita. Wannan miliyan 8 ita kowa ya sani, ita ake kira kasafin fim. Abin da ba a faɗa shi ne bayan an gama mun sake kashe miliyan 2 wajen talla, wato fastoci, sanarwa a gidajen rediyo, 'yan kuɗin da aka ba masu shafuka su yaɗa, da bikin ranar buɗewa. Talla ba ta shiga cikin kasafin da ake sanarwa, ko a nan ko a Hollywood.

Aka haska shi da Sallah a wata sinima a Kano, kuma wallahi ya karɓu. Tikiti wajen 6,000 aka sayar a kan naira 2,000, miliyan 12 ke nan. 'Yan unguwarmu har gida suka riƙa zuwa taya murna, don a lissafinsu an zuba 8 an kwashi 12, riba miliyan 4. Har wata gwaggonmu ta aiko a taimaka mata da kuɗin gyaran ɗaki.

Ranar da takardar lissafi ta zo na zauna da biro. Da farko an cire haraji daga kan kuɗin gaba ɗaya, kusan miliyan 1 da dubu 200, saura miliyan 10 da dubu 800. Sai rabon sinima. A yarjejeniyarmu makon farko raba daidai ne, amma daga mako na biyu kason sinima yana ƙaruwa, namu yana raguwa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin: daɗewar fim a allo ta fi amfanar mai sinima fiye da mai fim, shi ya sa furodusoshi ke matsa wa mutane su zo a makon farko. Da aka haɗa makonnin duka, sinima ta riƙe miliyan 6. Cikin miliyan 4 da dubu 800 da suka rage, wanda ya shige mana gaba ya sama wa fim ɗin gurbi ya ɗauki kashi 10 cikin 100. Abin da ya shigo asusun yayana bai wuce miliyan 4 da dubu 300 da 'yan kai ba, alhali miliyan 10 ya fitar. Giɓin miliyan 5 da dubu 700 ke nan, a fim ɗin da mutane suka yi layi don su kalla.

Yanzu ɗora wannan a kan fim ɗin da ka tambaya. A Amurka gidajen sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. A ƙasashen waje abin da ke komawa wa kamfani ya kan gaza rabi, a Sin kuwa wajen kashi 25 cikin 100 kawai kamfanin waje ke samu. Saboda haka daga miliyan 650 ɗin nan, da ƙyar a ce miliyan 300 da wani abu sun dawo gida. Sai ka tuna babban fim irin wannan tallarsa a faɗin duniya takan haura dala miliyan 100, wadda ba ta cikin miliyan 300 ɗin da ka karanta. Shi ya sa masu bin harkar ke da ma'auni na kai-tsaye: fim ya tara kamar ninki biyu da rabi na kasafinsa kafin a ce ya mayar da uwar kuɗi. Ninki biyu da rabi na 300 shi ne 750. Ka ga bai kai ba. A ganina asarar wannan fim ta gaske ce.

Sai dai zargin da ka yi ma ba a banza ba, don akwai asara ta kan takarda. Forrest Gump na 1994 ya tara sama da dala miliyan 670 da kasafin da bai kai miliyan 60 ba. Marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Winston Groom, an yi masa alkawarin kashi 3 cikin 100 na tsantsar riba, sai kamfanin ya nuna masa lissafi cewa babu ribar. Jarumin fim ɗin kuwa, Tom Hanks, kasonsa daga kuɗin da ke shigowa ne tun kafin a cire kashe-kashe, ya samu miliyoyi masu yawa. Yadda ake yi shi ne kamfani ya buɗe wa fim littafinsa shi kaɗai, sannan ya caje shi ladan rarrabawa, ladan gudanarwa, da ruwan bashin da shi kansa kamfanin ya ba shi. Kuɗi sun fita daga aljihun dama sun koma na hagu, ana bin fim bashi, kamfani ya ci riba. Wanda abin ya fi shafa shi ne wanda aka ce ya jira rabon riba. Wannan ɗabi'a ba ta yi mini ba ko kaɗan, hakkin mutane ne ake dannewa da sunan lissafi.

Idan kana son bambancewa, yi lissafin ninki biyu da rabin nan. Fim ɗin da ya ninka kasafinsa sau goma aka ce maka ya faɗi, ka tuhumi littafin. Wanda ya tsaya a ninki biyu, ka yarda da su.

Sinima kuma ba ita ce ƙarshen kasuwa ba. Mu mun sayar wa wata tashar talabijin haƙƙin haskawa, daga baya muka ɗora shi a YouTube, cikin shekara biyu aka samu kamar miliyan 3 da rabi. Da ya fi haka, amma ko wata biyu ba a yi ba muka tarar masu tura fina-finai a waya suna ba da shi a bakin kasuwa a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, ko kwabo bai zo mana ba. Ga shi rabin jarin na wani ɗan kasuwa ne, kuma kafin kuɗin su gama shigowa kaɗan-kaɗan darajar naira ta zube.

Yayana ya sayar da filinsa na hanyar Jibiya ya sallami mutumin. Da ya tashi yin fim na biyu, sai da ya samu tashar da ta amince za ta saya a rubuce, sannan ya yanka kasafi daidai da abin da za ta biya, miliyan 5. Bai yi tashen na farko ba, amma a shi ne muka fara ganin rarar dubu 900.