Lambar aya a firojet: 255 ko 253?

Oga, a firojet ɗin da nake taipin ɗalibar ta sa Ayatul Kursiyyu a Baƙara aya ta 253, ni kuma a wayata 255 nake gani. In gyara mata ne?

Kar ka taɓa tukuna, kira ta ka tambaye ta wane Alƙur'ani ne a gabanta. In na Warshu ne, irin wanda aka saba da shi a makarantun allo, to ba ta yi kuskure ba. Na wayarka Hafsu ne, yana bin ƙirgen mutanen Kufa, ayoyi 6236, shi kuma na Warshu yawanci ƙirgen Madina yake bi, 6214. Ba wai an rage wani abu ba fa, wurin da ake yanke ayar ne ya bambanta.

Duba Baƙarar ka gani. A Hafsu "Alif Lam Mim" aya ce guda mai zaman kanta, a Warshu kuwa an haɗe ta da ayar da ke biye da ita, kaga tun daga farkon sura an samu tazarar ɗaya, can wajen aya ta 200 a sake haɗe wasu biyu, tazara ta zama biyu, shi ya sa kafin a iso Kursiyyu 255 ta koma 253. Kuma a Warshu raba ta aka yi, 253 ta tsaya a "Alhayyul Ƙayyum", sauran ya zama 254. Saboda haka in duka ayar ta kawo, 2:253 kaɗai bai isa ba, 2:253-254 za a rubuta.

Ni dai shawarar da nake ba ɗalibai ita ce su koma lambar Hafsu, don ita sufabaiza zai gani in ya buɗe waya ko fassara. In ta dage a kan Warshu ba laifi, amma ta faɗa a karon farko da ta kawo aya cewa ƙirgen Warshu ta bi, ta kuma tsaya a kansa har ƙarshe. Abin da ke jawo jan biro shi ne babi na biyu Hafsu, babi na huɗu Warshu.

Sai fassara. In ma'anar Hausa ta saka, tambaye ta ta waye. In ta Sheikh Abubakar Gumi ce, a rubuta sunansa da maɗaba'a da shekarar da ke jikin kwafin da ke hannunta, ba wadda ka tsinto a intanet ba, don an sha sake bugawa. Ita wannan fassarar lambar Hafsu take bi, to ba zai yiwu a ɗauko kalmomin Gumi a manna musu 253 ba. In kuma ita ta fassara da kanta ta rubuta "fassarar mai bincike". Lambar shafi kuwa cire ta, sura da aya kawai ake sawa.