Rabon Kuɗin Wuta da Ruwa a Gidan Haya Mai Mita Ɗaya

Tambaya: Mita ɗaya gare mu, yaya za mu raba kuɗin wuta da ruwa ba tare da an zalunci kowa ba?

Ruwa a raba shi bisa yawan mutanen kowane ɗaki. Wuta kuwa kayan lantarki ake dubawa, domin dutsen guga mai wat 1000 yana cin abin da ƙwai ɗari masu wat 10 suke ci a awa guda. A ninka wat ɗin kowace na'ura da awannin aikinta, sannan a tara na kowane ɗaki: idan ɗaki ɗaya ya sami 3000, ɗayan 1000, na farko zai biya kashi uku cikin huɗu. Raunin lissafin shi ne masu ɓoye hita, kuma alamarsu ita ce mita ta zarce jimillar da aka ƙiyasta. Nan sai a sanya wa kowa ƙaramar mita.